Atisayen Ƙarfe Huɗu a Watan Azumi: Mu Sake Lissafi

Duk wanda ya taɓa zama a gefen filin ƙwallon unguwa a Kano cikin watan azumi ya san wannan hoton. An idar da la'asar, ƙasa tana ta huci kamar an sauke tukunya, yara ashirin da wani abu suna zagaye fili, koci yana tsakiya da usur a baki. Kafin a yi minti arba'in za ka ga wani ya tsaya ya dafa gwiwoyi, leɓensa ya yi fari fat, yana ta ƙoƙarin tofar da yawun da babu shi. Koci ya ɗaga murya: "Kai, tashi mana, kowa ma azumin yake yi!" Yaro ya miƙe don kada a ce masa rago. Na shafe shekaru ina taimaka wa wata ƙungiyar unguwa, ni ma na faɗi irin wannan magana da bakina, kuma yau ina ganin kuskure ne babba.

Ra'ayina shi ne, azumi ba ya kayar da ɗan wasa. Abin da yake kayar da shi shi ne mun bar jadawalin watan Sha'aban yadda yake mun shiga Ramadan da shi, kamar babu abin da ya canza. Yunwa ita ce ƙaramar matsala a cikin lamarin. Manyan matsalolin biyu ne, bashin ruwa da bashin barci, kuma dukkansu a kan lokacin atisaye suke rataye.

Bari mu yi lissafin da sikeli, tunda shi ba ya jin kunyar kowa. Mu ɗauki ɗan tsakiya mai nauyin kilo 70 bayan sahur. A Kano cikin watan Maris alfijir yana ketowa wajen ƙarfe 5 da ɗoriya, rana tana faɗuwa wajen 6 da rabi da 'yan mintoci, wato awa 13 da wani abu ba ci ba sha. Ko da bai taɓa ƙwallo ba, jikinsa yana zubar da ruwa ta fitsari, ta numfashi, ta zufar zirga-zirga, balle in yana tsaye a kasuwa ko yana jan adaidaita. Zuwa ƙarfe 4 na yamma ba abin mamaki ba ne a same shi ya sauka zuwa kilo 69. A nan ne muke busa usur. Ɗan ƙwallo a yanayin zafi yana iya zubar da zufa lita 1 zuwa 2 a awa guda, kuma kowace lita kilo ɗaya ce a sikeli. In an yi masa atisaye mai nauyi na minti 90, sai mu ce ya zubar da lita 2. Ya koma kilo 67 ke nan.

Masana harkar motsa jiki sun daɗe da sa iyaka a kan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki. Da zarar ruwan da mutum ya rasa ya wuce haka, juriya tana raguwa, bugun zuciya yana ƙaruwa a kan aikin da da bai kai ya gajiyar da shi ba, jiki yana kasa sanyaya kansa, hankali ma yana rarrabuwa. Ga mai kilo 70, kashi 2 cikin 100 kilo 1.4 ne. Yaronmu ya rasa kilo 3, ya ninka iyakar har da ɗori, kuma da sauran kusan awa guda kafin ladan ya kira magariba. Shi ya sa za ka ga a rabin awa na ƙarshe ana ta ba da ƙwallo ga abokin hamayya, ana shiga ƙafa ba a kan lokaci ba, wani jijiyar cinya ta ɗaure masa. Mu kuma muna fassara wannan da lalaci.

Abin bai tsaya a fili ba, domin bashin yana bin yaro har gida. Ruwan da aka rasa ta zufa ba a mayar da shi daidai wa daida, saboda wani kaso na abin da ka sha zai fita ta fitsari. Ƙa'idar da ake bi ita ce a sha kusan lita 1 da rabi a kan kowane kilo da zufa ta tafi da shi. Lita 2 ta atisaye tana neman lita 3 ke nan, ga kuma wajen lita 2 ta buƙatar jiki ta yau da kullum. Jimla lita 5, wato ledar ruwa goma, tunda kowace leda rabin lita ce. Kuma duk wannan a cikin daren da a ciki za a ci abinci, a yi asham, a yi barci. Yawancin yara ba sa iya biya. Sai su wayi gari da ragowar bashin jiya, a ɗora na yau a kai, gobe ma haka. Nan ne dalilin da ya sa yaron da ya shiga azumi da ƙarfinsa yake zama kamar an zare masa laka kafin a kai goma ta tsakiya.

In na kawo wannan magana a majalisa, akwai amsoshi biyu da nake yawan ji, kuma masu faɗarsu ba don mugunta suke faɗa ba. Ta farko ita ce, ai manyan 'yan wasa suna azumi suna buga wasa. Gaskiya ne. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, yana azumi aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu na 1995 a gasar ƙwallon kwando ta NBA. Amma a cikin rufaffen ɗaki mai sanyi yake wasa, lokacin hunturun Amurka, yawancin wasanninsa da dare bayan an sha ruwa, ga likitoci a kansa. Wannan ba ɗaya ba ne da filin ƙasa a ƙarƙashin rana mai zafin maki 38 ko 40. Kuma su kansu Turawan sun fara gane cewa lokaci ne matsalar. A watan Afrilun 2021 an tsayar da wasan Leicester City da Crystal Palace na ɗan lokaci don Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su buɗe baki. Kafin nan, a 2018, mai tsaron gidan Tunisiya Mouez Hassen sai da ya kwanta a ƙasa kamar ya ji ciwo a wasannin sada zumunta da Fotugal da Turkiyya, don abokansa su samu su kai dabino da ruwa baki. In ƙasar da Musulmi suke tsiraru za ta tsayar da wasa saboda mutum biyu, mu da kusan kowa a fili mai azumi ne ba mu da hujjar ƙin matsar da agogo.

Amsa ta biyu ita ce, ai a cikin Ramadan aka yi yaƙin Badar. Haka ne. Amma ya tabbata cewa a tafiyar buɗe Makka, ita ma cikin Ramadan, da aka kusanci abokan gaba Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai su sha ruwa domin hakan ya fi ba su ƙarfi. Ba ina cewa ƙwallo uzuri ce ta ajiye azumi ba, wannan ba hurumina ba ne, kuma ni ban ɗauke ta haka ba. Abin da nake nunawa shi ne addinin bai taɓa ɗaukar wahalar da jiki a banza a matsayin ƙarin lada ba. Ɗan wasan da ƙungiyarsa ta ɗauke shi daga Kano zuwa Aba ko Uyo matafiyi ne, kuma aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi maganar mara lafiya da matafiyi. Ya zauna da malaminsa tun kafin wata ya kama a warware masa, ba sai an shiga mota ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To yaushe za a yi atisayen? Lokuta biyu ne na ga suna aiki, kowanne da irin aikin da ya dace da shi.

Na farko shi ne dab da magariba, a fara wajen 6 saura kwata, a gama daidai kiran salla. Rana ta yi sanyi, kuma muhimmin abu, duk zufar da aka zubar za a fara mayar da ita nan take, ba sai an jira awa guda ko biyu ba. Amma wannan lokacin na aiki mara nauyi ne: ba-ni-in-ba-ka, tsarin tsayuwa a fili, bugun kusurwa, bugun tazara, 'yar tsere gajeriya da hutu mai tsawo a tsakani. Minti 45 ya isa. Jikin da ya wuni ba ci yana iya gudun mita 20 da ƙarfinsa, abin da ba ya iyawa shi ne maimaita shi sau talatin ba hutu. A tanadi dabino da ruwa a gefen fili tun kafin a fara, a yi salla a nan, kowa ya wuce gida.

Na biyu shi ne bayan asham, wajen ƙarfe 9 zuwa 10 da kwata. Nan ne wurin aiki mai nauyi, gudun juriya, wasan gwaji, ɗaga ƙarfe. Yaro ya ci, ya sha, awa biyu ta wuce abincin ya fara sauka, kuma yana iya kurɓar ruwa a tsakiyar atisayen kamar kowane wata. Na san abin da za a ce: ina fitilar? Gaskiya ce mai ɗaci, yawancin filayenmu in duhu ya yi sai dai a tashi. Amma aiki mai nauyi ba dole sai da ƙwallo ba. Gudu a kan titin da yake da fitila, ko tsalle da tsugunne a farfajiyar da aka kunna janareta, yana biyan buƙata, kuma sau biyu a mako ya wadatar a wannan wata. Sauran ranakun a yi na dab da magariba. A makon farko ma ni ina ganin a rage komai, domin a nan ne ciwon kai da kasala suka fi yawa kafin jiki ya saba. Abin da bai kamata ba shi ne a dakatar da atisaye ɗungurungum, don wata guda na zama yana cinye juriyar da aka yi watanni ana tarawa. A rage tsawon lokaci, a bar ɗan kaifin.

Akwai masu son yin atisaye bayan asuba, tunda ciki da abinci kuma gari da sanyi. Ban goyi bayan wannan ba sai in tafiya ce ko miƙe jijiyoyi. Duk zufar da ka zubar ƙarfe 6 na safe, da raminta za ka wuni awa goma sha biyu.

Yanzu yadda ake shan ruwan. A nan ne kusan kowa yake kuskure iri ɗaya, kuma har da manya. Ana kiran salla sai a ɗaga jarka mai ƙanƙara a kwankwaɗe lita guda da rabi a tsaye, a bi da kunu, a bi da ƙosai da soyayyen dankali, ciki ya cika tim, sai a kwanta ana nishi. Daga nan ba a sake tuna ruwa sai an tashi sahur, a sake ɗura wata lita da rabin da niyyar ta kai mutum yamma. Jiki ba randa ba ne. Ciki yana iya tura ruwan da bai wuce lita guda a awa ba zuwa hanji, kuma in ruwa zalla ya shiga jini da yawa lokaci ɗaya, ƙoda tana ganin ya yi yawa sai ta fitar da shi. Shi ya sa wanda ya yi ɗurin sahur yake zarya bayan gida sau uku kafin ƙarfe 9 na safe, zuwa azahar kuma ƙishirwa ta dawo kamar bai sha komai ba.

Ga yadda zan raba wa mai kilo 70 ɗinmu, a ranar da zai yi atisayen dare. Da kiran magariba, dabino uku da leda ɗaya, a hankali, a zaune. Bayan salla, kofin kunun tsamiya ko na gyaɗa da abinci madaidaici, shinkafa da wake ko alala da ƙwai, ba tulin soye-soye ba, domin mai yana daɗewa a ciki kuma shi ne zai dame shi in ya fara gudu. Hadisin nan da ya raba ciki uku, kaso na abinci, kaso na ruwa, kaso na numfashi, babu inda ya fi amfani kamar wannan awa. Leda ta biyu ya tafi da ita masallaci, yana kurɓa tsakanin isha'i da asham. Ta uku da ta huɗu na filin atisaye ne, kurɓi biyu ko uku duk bayan minti goma sha biyar. Bayan an tashi sai babban abincin dare, tuwo ko shinkafa da nama ko kifi, tare da leda ta biyar, in akwai kankana ya ƙara. Da sahur leda ta shida da fura da nono. In ka haɗa da kunu da furar da ruwan da ke cikin abinci, ya kusa lita 4, kuma babu lokacin da ya cika cikinsa har ya takura. In ya zubar da zufa da yawa a daren, ya ƙara leda ɗaya kafin ya kwanta.

Gishiri yana da muhimmanci fiye da yadda muke ɗauka. Zufa tana fita da gishiri, duk wanda ya ga farin zane a bayan rigar ɗan wasa bayan ta bushe ya ga shaida. Kuma gishirin ne yake riƙe ruwa a jiki. Don haka ruwan da aka sha tare da abinci mai miya ya fi zama a kan wanda aka sha shi kaɗai. Yaron da rigarsa take yawan yin farin nan, ko wanda jijiya take yawan ɗaure masa, ya mayar da lita ɗaya daga cikin ruwansa ta zama ruwan gishiri da sukari, irin wanda iyaye mata suka sani na gudawa: ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita guda. Ko ya sayi na ƙunshi a kemis ya bi umarnin da ke jiki. Kada a ƙara gishirin da sunan ƙarin ƙarfi.

Ta yaya yaro zai san ko ya biya bashin? Hanya biyu, duka masu arha. Ya duba fitsarinsa na farko da ya tashi sahur. In ya yi fari-fari mai ɗan rawaya, lafiya. In ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta, kuma kaɗan ne, bai biya ba, ranar ba ranar aiki mai nauyi ba ce. Ta biyu sikeli. Ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi guda ɗaya, bai kai kuɗin ƙwallo mai kyau ba. A auna kowa kafin atisaye da bayansa, da gajeren wando kawai, a rubuta a littafi. Bambancin shi ne zufarsa, kuma za ka yi mamakin yadda yara biyu masu jiki ɗaya suke bambanta, wani rabin kilo, wani kusan biyu. Wanda nauyinsa na kafin atisaye yake sauka kwana uku a jere, a zaunar da shi a tambaye shi me yake ci, me yake sha.

Barci shi ne ɓangaren da na fi jin takaicinsa, domin shi ne ba wanda yake ƙirgawa. Ɗan wasa yana buƙatar awa 7 zuwa 9. A cikin barci ne tsokar da aka wahalar take gyaruwa, kuma wanda bai samu isasshe ba ƙafarsa tana rigan tunaninsa, a nan ake samun targaɗe da gocewar ƙashi. Ka duba daren yaronmu yadda yake a zahiri. An idar da asham, sai gidan kallo in akwai wasan Zakarun Turai, wanda a watan Maris ake take shi ƙarfe 9 a tashi 11. Daga nan teburin mai shayi, daga nan waya a hannu har ƙarfe 1 ko 2. In goma ga wata ta yi ga kiɗan 'yan tashe a ƙofar gida. Ƙarfe 4 Umma ta buga ƙofa. Awa biyu da rabi ke nan, sannan a ce wannan yaron ya zo ya yi gudu da la'asar.

A Ramadan ba za a samu awa takwas a jere ba, kuma ba sai an samu ba. A raba shi biyu a ƙirga jimla. In an tashi daga atisaye 10 da kwata, ya yi wanka da ruwan sanyi, ya ci abinci, ya kwanta 11 da rabi. Ya tashi 5 saura kwata, don jinkirta sahur sunna ce, kuma ga ɗan wasa riba biyu ce, ƙarin barci da rage tsawon wunin. Ya samu awa 5 da kwata. Ragowar awa biyun sai a nemo su ko dai bayan asuba, ga wanda aikinsa ya ba shi dama, ko a ƙailula bayan azahar. Ƙailular ko ta zama gajeriya, minti 20 zuwa 30, ko cikakkiya ta minti 90, domin wanda aka tasa a tsakiyar barci mai nauyi yana tashi da jiki a mace. Kuma a bar aƙalla awa guda tsakanin farkawa da taka fili. Na san ƙailula a ɗakin langa-langa ba wuta ba ƙaramin aiki ba ne. Zaure, ko gindin bishiya, ko jiƙa zani a rufa da shi, duk dabaru ne da kakanninmu suka sani kafin a kawo fanka. Zuba ruwa a ka ma ya zo a ruwaya cewa Annabi (SAW) ya yi shi yana azumi saboda zafi.

Shayi da kofi da lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari, abin da ya sa nake tsoronsu a wannan wata ba wai don suna jawo fitsari ba ne, don suna sace barci ne. Sinadarin da ke cikinsu yana ɗaukar kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Wanda ya sha gwangwani ɗaya ƙarfe 9 don ya ji ƙarfin atisaye, ƙarfe 2 na dare rabin yana nan yana aiki. Mai son shayinsa ya sha shi da buɗa-baki, mara kauri.

Da goman ƙarshe ta shigo, lissafin duk ya canza, saboda tahajjud tana ɗauke tsakiyar daren. A nan ra'ayina a fili yake: ƙwallo ce za ta matsa. A soke atisayen dare gaba ɗaya, a bar na dab da magariba sau uku a mako, yara su kwanta da wuri bayan asham su samu awa biyu ko uku kafin su tafi masallaci, su rama bayan asuba. Kocin da ya sa yaro zaɓi tsakanin tahajjud da gurbinsa a ƙungiya bai kyauta ba. Masu shirya gasannin unguwa na azumi su ma su duba wannan, su kammala wasan ƙarshe kafin ashirin ga wata, kuma kada wasa ya wuce sha ɗayan dare.

Akwai iyakar da in an kai ta magana ta tashi daga juriya ta koma ceton rai, kuma ya kamata kowane koci da kyaftin su san ta. Yaron da ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi, ko yana amai, ko ya faɗi jikinsa ya yi zafi rau, zafi ne ya buge shi, kuma yana iya kisa. A ja shi inuwa, a tuɓe masa riga, a kwarara masa ruwan sanyi a duk jiki ana yi masa fifita, ƙanƙara a wuya da hammata in akwai, sannan asibiti. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa ya sha, ya rama azumin daga baya, wannan mara lafiya ne. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki. Fitsari mai launin baƙin lemon kwalba tare da ciwon tsoka mai tsanani bayan atisaye alama ce ta tsoka ta lalace tana cutar da ƙoda, shi ma asibiti ne a daren. Sannan kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS. Yawancinsu lafiyarsu lau kuma suna wasa ba matsala, amma haɗuwar zafi da ƙishirwa da gudu ba hutu tana iya kayar da mai AS farat ɗaya. Ƙungiyar da ba ta san masu jinin AS cikin yaranta ba, sai ta yi musu gwajin kafin azumi. Wanda yake da sikila ko ciwon sukari ko ciwon ƙoda, maganarsa ta likita ce tun daga kan azumin kansa. Ɗabi'ar nan kuma ta haɗiyar daikulofenak ko ibufurofen da sahur don kada jiki ya yi ciwo, a daina ta, domin waɗannan magunguna a jikin da ba ruwa kai tsaye ƙoda suke taɓawa.

Wani zai ce ai azumi yana ta matsowa cikin sanyi, tunda kowace shekara yana ja baya da kwana 10 ko 11, nan da 'yan shekaru a tsakiyar hunturu za a yi shi. Zafin zai ragu, haka ne, amma iskar hunturu busasshiya ce, tana shanye zufa kafin a gan ta, ƙishirwa kuma ba ta cika damun mutum ba, sai yaro ya ɗauka bai rasa komai ba ya rage sha da dare. A irin wannan shekarun sikeli da duban fitsari sun fi zama dole, tunda riga ba za ta jiƙe ta ba da labari ba.

Wasan gasa da aka riga aka sa ƙarfe 4 shi ne wanda koci ba shi da iko a kansa. Abin da zai iya shi ne ya fara shirin tun daren jiya da shekaranjiya, ruwa da abinci da barci cikakku, ba atisaye mai nauyi, ɗumama jiki gajere a inuwa, tawul mai sanyi a wuya lokacin hutun rabin lokaci, kuma ya yi amfani da duk canjin da doka ta ba shi, ya fara fitar da waɗanda littafin sikeli ya nuna sun fi zubar da zufa. Amma masu tsara gasa, daga ta ƙaramar hukuma har ta ƙasa, su ne ya kamata su ɗauke wannan nauyin. Kalandar Musulunci ba ɓoyayya ba ce, an san watan da azumi zai faɗo shekaru kafin ya zo. Inda akwai fitila, a kai wasan bayan isha'i. Inda babu, a matsar da shi zuwa 5 saura kwata yadda za a tashi dab da magariba, a ba da hutun sanyaya jiki a tsakiyar kowane zagaye, kuma a ajiye ruwa da dabino a bakin layi don 'yan wasa da alƙalin wasa da 'yan tuta, su ma yawancinsu da azumi a bakinsu.